Kwamfutar shagon Hajiya: lasisin da ya tsallake fomat, ya tafi da madabod

A Tudun Wada ta Gusau akwai wata Hajiya mai shagon buga takardu. Ɗalibai ne yawancin masu zuwa mata, sai masu neman a buga musu takardar neman aiki ko katin gayyatar biki. Kwamfutar da shagon ya dogara da ita ta teburi ce, ta hannu, irin wadda ake saukewa da yawa daga ofisoshin Turai, da Core i5 ƙarni na shida a cikinta. A gefen akwatinta akwai wata sitika da ta fara koɗewa, an rubuta Windows 7 Pro, da lamba mai haruffa 25 a ƙasa. Sau biyu kwamfutar ta zo shagona na gyara, tsakani shekara ɗaya da 'yan watanni. Zuwan farko lasisin Windows ɗinta ya dawo ba tare da na buga ko harafi ɗaya ba. Zuwa na biyu na yi yini guda ina nema, bai dawo ba.

Zuwan farko cikin zafin Afrilun 2024 ne. Had dis ɗinta ya soma ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, tana ɗaukar kusan minti goma kafin ta buɗe. Muka kwashe takardun Hajiya da kyar, muka sa mata SSD, sabon nau'in ma'ajiya mai maye gurbin had dis, na bar yarona ya ɗora Windows 10 daga filash na fita sallar azahar. Da na dawo na tarar ya gama, amma rubutun nan mai dishi-dishi ya fito a kusurwar ƙasa ta dama: Activate Windows.

"Oga, na jona mata intanet tun ɗazu, ta ƙi," in ji shi. "Ko mu buga lambar da ke jikin sitikar?"

Na tambaye shi wanne ya zaɓa da jerin nau'o'in Windows ya fito masa. Ya ce na farko. Na farko a jerin kuwa Windows 10 Home ne, ita kuma kwamfutar Pro ta zo da shi. Tunda ba a zuba komai a ciki ba tukuna, muka sake daga farko. Wurin da ake tambayar lamba muka danna I don't have a product key, muka zaɓi Windows 10 Pro, da ta gama muka jona ta da datar wayata. Kafin in gama shan ruwa, shafin Settings > Update & Security > Activation ya nuna Windows is activated with a digital license.

Yaron ya tsaya yana kallo, don a ganinsa had dis ɗin da ke ɗauke da komai ga shi can a kwandon shara. Ina lasisin ya ɓuya?

Bai ɓuya a cikin kwamfutar ba. Tun da Windows 10 ya fito ranar 29 ga Yulin 2015, Microsoft ta buɗe ƙofa ga masu Windows 7 da 8.1 na halal su hau sabon kyauta. Duk kwamfutar da ta hau, Windows yana auna kayan cikinta ya fitar da wata shaida da ta keɓanta da ita, ya aika wa Microsoft, a can a rubuta cewa mai wannan shaida tana da izinin Home, ko tana da izinin Pro. Wannan rubutun da ke can shi ne lasisin dijital. Duk ranar da aka sake ɗora Windows, sai ya sake auna kayan, ya tambaya ta intanet ko an san wannan injin. In an san shi, kuma nau'in Windows ɗin ya dace da wanda aka rubuta, shi ke nan. Wanda ya riƙe kwamfutar Hajiya kafin ta iso Najeriya ya hau da ita daga Windows 7 Pro, don haka Pro aka rubuta mata. Da yarona ya ɗora Home, injin an san shi, amma izinin da ya nema ba shi aka ba shi ba.

Ina yi wa mutane misali da babur. Ka canza taya, ka canza sarƙa, ka canza tanki, ka yi masa sabon fenti, takardunsa suna nan daram, domin lambar shasi suke bi. A kwamfuta madabod, wato babban faifan ciki da sauran kaya ke jone a kansa, ita ce shasin. Had dis, ram, allon kallo, firinta, duk kana iya musanya su lasisi bai motsa ba. Fomat kuwa ko sau goma ka yi.

A nan ne na yi sakacin da ya dawo ya same mu. Jimlar da ta fito a shafin tana da 'yar'uwa wadda ta fi ta tsawo: Windows is activated with a digital license linked to your Microsoft account. Gajeriyar tana nufin lasisin yana ɗaure da madabod kaɗai. Doguwar tana nufin an ƙara masa igiya ta biyu, an ɗaura a akawun ɗin mai shi. Na ga gajeriyar da idona. Abin da ya rage shi ne in buɗe wa Hajiya akawun na Microsoft, in shiga da shi a matsayin mai cikakken iko da kwamfutar, aikin da bai kai kwata ɗin awa ba. Amma ana jiran injin a shago, ɗalibai na gab da miƙa aikin ƙarshen zango, sai na bar ta da akawun na cikin gida wanda bai san intanet ba, na ce a ɗauka.

Zuwa na biyu da daminar 2025 ne. An yi ruwa da tsawa da dare, da safe aka kunna ba ta ko motsa ba. Na canza mata akwatin wuta, fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya. Da na ciro madabod ɗin na ga baƙin tabo kusa da inda igiyar intanet ke shiga, ga warin ƙuna. Ba ta gyaruwa. Na aika Kano aka nemo mini wata ta hannu da ke karɓar furosesa da ram ɗin da muke da su, ta iso bayan kwana uku a motar haya.

Muka haɗa, muka mayar da SSD ɗin yadda yake ba tare da fomat ba. Windows ya ɗan jima yana gane sababbin kaya, ya sake kunna kansa, sannan ya buɗe lafiya, takardun Hajiya duk suna nan. Da muka jona intanet sai shafin lasisi ya ce Windows is not activated.

Ban yi saurin yanke hukunci ba, don na lura agogon kwamfutar ya koma shekarun baya. Madabod ɗin da ta daɗe a ajiye, ƙaramin batirinta mai kama da kwabo, CR2032, yakan mutu, kwanan wata ya rikice, in kuwa kwanan wata bai yi daidai ba kwamfuta ba ta iya ƙulla amintacciyar magana da Microsoft. Na sha ganin an zargi lasisi alhali batiri ne. Na canza shi, na gyara lokaci, na sake gwadawa. Wannan karon amsar ta fito fili da lambar kuskure 0xC004F211, wadda ma'anarta kayan cikin injin sun canza. 'Yar'uwarta da aka fi gani a irin wannan hali ita ce 0xC004F213, mai cewa ba a sami lambar lasisi a injin ba. Ko wacce ka gani bayan canjin madabod, zancen ɗaya ne: an tambaya a can, an ce ba a san wannan shasin ba.

Hajiya ta zo da kanta da yamma. Ta leƙa allon ta ce, "Ɗana, mi ya samu injin kuma? Bara ka wanke shi tas bai ce komai ba, yanzu ko takarda ɗaya ba ka taɓa ba yana neman kuɗi."

Na ce, "Hajiya, a idonki injin ɗinki ne, akwatin bai canza ba. A wurin masu Windows kuwa wancan ya mutu ranar tsawa, wannan baƙo ne."

Ƙofar farko da na ƙwanƙwasa ita ce wadda aka tanada don irin wannan rana. Tun sabuntawar 1607 ta shekarar 2016, shafin lasisi yana fito da Troubleshoot idan Windows bai kunnu ba. Ka danna, ya yi bincikensa, sai ka ga I changed hardware on this device recently. Daga nan ka shiga da akawun ɗinka na Microsoft, a jero maka kwamfutocin da aka taɓa ɗaura lasisinsu da shi, ka zaɓi tsohuwar, ka sa alama a This is the device I'm using right now, ka danna Activate. In an karɓa, lasisin ya tashi daga tsohuwar madabod ya koma sabuwa. Sharaɗi ne nau'in Windows ya zama ɗaya da na da, kuma yawan sauye-sauyen yana da iyaka.

Ɗan Hajiya ya ce yana da akawun, ya shiga da shi. Jerin ya fito babu tsohuwar kwamfutar a ciki. Ya ce to mu ɗaura yanzu mana. Ai ba a ɗaura abin da babu. Ɗaurin yana yiwuwa ne lokacin da Windows ke kunne a kan tsohuwar madabod, ita kuwa ga ta can a kan benci da tabon ƙuna. Na faɗa wa Hajiya gaskiya cewa bara ne ya kamata in yi wannan, ban yi ba.

Amma kada in ɗora wa kaina fiye da laifina. Ko da na ɗaura, babu tabbacin za a karɓa, saboda asalin lasisin. Lasisin Windows da mutane ke riƙe da shi iri biyu ne a bisa ƙa'ida. Akwai wanda mutum ya saya da kuɗinsa shi kaɗai, ana kiransa Retail a allo. Wannan na mutum ne, yana da damar cire shi daga tsohuwar kwamfuta ya kai sabuwa, muddin ɗaya ce ke amfani da shi a lokaci guda. Akwai kuma wanda kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya ɗora tun daga masana'anta, wato OEM; wannan na injin ne, tare suke rayuwa tare suke mutuwa, sai dai in kamfanin ne ya musanya madabod a ƙarƙashin garanti. Sitikar Windows 7 ta jikin akwatin Hajiya ta masana'anta ce, kuma hawa Windows 10 kyauta bai canza wa lasisi dangi ba. Ga wanda lasisinsa na saye ne, ɗaurin akawun hanya ce shimfiɗaɗɗiya. Ga mai na masana'anta, gwaji ne kawai, kada mai gyara ya yi wa kowa alkawari a kai.

Akwai tarko a nan da ya kama masu gyara da yawa, ni ma ya taɓa kama ni. In kana son sanin irin lasisin da ke cikin kwamfuta, kana buɗe Command Prompt ka buga:

```
slmgr /dlv
```

Sai akwati ya fito da bayanai, a ciki akwai Product Key Channel da Partial Product Key. A kwamfutar Hajiya na farkon ya nuna Retail, na biyun ya nuna 3V66T. Wanda bai sani ba zai yi murna ya ce ai na saye ne. Ba haka ba ne. Lambar da ke ƙarewa da 3V66T ta gama-gari ce, ita Windows 10 Pro ke saka wa kansa a duk kwamfutar da ke tafiya da lasisin dijital, kamar yadda ta Home ke ƙarewa da 8HVX7. Aikinta kawai ta nuna nau'in Windows, ba ta kunna komai. Shi ya sa 'yan manhajojin nan da ake cewa suna ciro lambar lasisi kafin fomat sukan ba mutum wannan lambar, ya rubuta a takarda ya adana kamar takardar fili, ranar buƙata ya tarar ba ta sayen ko ruwan leda.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda yarona ya nuna tun bara: lambar sitika. Da a ce shekaru uku baya ne, da akwai fata. A hukumance tayin hawa kyauta ya ƙare ranar 29 ga Yulin 2016, amma lambobin Windows 7 da 8 sun ci gaba da kunna Windows 10 shekara da shekaru, har masu gyara suka ɗauka haka abin zai dawwama. A watan Satumban 2023 Microsoft ta rufe wannan hanyar. Kwamfutar da ta riga ta sami lasisin dijital ba a taɓa ta ba, shi ya sa ta Hajiya ta kunnu bara. Amma sabon injin da zai zo da lambar Windows 7 yau, ba a karɓa. Na buga ta don Hajiya ta gani da idonta, aka ƙi.

Ina shirin zayyana mata farashi ne sai na tuna ban tambayi sabuwar madabod ɗin abin da ta zo da shi ba. Tun zamanin Windows 8, a 2012, manyan kamfanonin ƙera kwamfuta suka daina manna lamba a jikin akwati, suka koma rubuta ta cikin ƙwaƙwalwar madabod, wurin da fomat ba ya kaiwa. Madabod ta hannu da aka ciro daga irin wannan kwamfuta takan zo da lambarta a ciki, mai sayarwa ma bai sani ba. Na buɗe PowerShell na buga:

```
Get-CimInstance SoftwareLicensingService | Format-List OA3x*
```

In babu komai a ciki, layukan fanko suke fitowa. A wannan sai ga lamba cikakkiya, bayaninta kuma ya ƙunshi Core da OEM:DM. Core sunan Home ne a cikin gida. Wato madabod ɗin da muka sayo ta fito ne daga kwamfutar da aka sayar da Windows 10 Home, kuma lasisinta na halal yana tare da ita. Abin da ya hana shi aiki shi ne Pro ne a kan SSD ɗinmu. Kuskuren yarona na bara ne ya dawo, amma ta baya.

Yanzu zaɓi ya zama na Hajiya, na shimfiɗa mata shi. Ko a sayi lasisin Pro na gaskiya, wanda farashinsa a wurin Microsoft a lokacin ya kai wajen dala 200, kuɗin da ya fi na kwamfutar gaba ɗayanta. Ko a koma Home da ya zo kyauta da madabod. Ko a bar ta haka ba lasisi: za ta yi aiki, za ta buga takardu, sai dai rubutun kusurwa ba zai tafi ba, an kulle gyaran hoton bango da launuka, kuma amfani da ita haka a wurin sana'a ya saɓa wa sharuɗɗan lasisin.

Ɗanta ya kawo na huɗu. Ya ce akwai mai yi a kasuwa da kuɗin da bai kai na katin waya ba, minti biyu an gama. Na san abin da yake nufi, don irin waɗannan kwamfutocin suna zuwa mini. Yawanci wata manhaja ake sakawa da ke kwaikwayon tsarin da manyan ma'aikatu ke kunna kwamfutocinsu da shi, wato KMS, wanda izininsa na kwana 180 ne, sai an riƙa sabuntawa. Gane shi ba wuya. Shafin lasisi zai ce Windows is activated using your organization's activation service, alhali Hajiya ba ta da wata ma'aikata sai shagonta. In ka buga wannan:

```
slmgr /xpr
```

na gaskiya zai ce The machine is permanently activated, wancan kuwa ranar ƙarewa zai ba ka. Abin da ya fi damuna da shi ba wa'adin ba ne. Kafin a saka shi sai an kashe kariyar kwamfuta daga ƙwayoyin cuta, a injin da filash ɗin ɗalibai ashirin ke shiga kullum, kuma takardun mutane da hotunan katin shaidarsu ke ajiye a ciki. Na ce masa ni dai ba da hannuna ba.

Hajiya ta yi tambayar da ta fi kowace amfani a ranar: "To shi wanga Pro ɗin, mi yake yi mini wanda ɗayan bai yi?"

Na lissafa mata: kulle dukan abin da ke kan dis da BitLocker, shiga kwamfutar daga nesa, haɗa ta da tsarin babbar ma'aikata, da wasu saituna na masu kula da kwamfutoci da yawa. Bugun takardu, firinta, sikana, hoton fasfo, duk ɗaya ne a Home. Ta ce ita tunda ta sayi injin ba ta taɓa jin sunan ko ɗaya cikinsu ba, a sa mata wanda ya zo.

Hawa daga Home zuwa Pro abu ne mai sauƙi, lamba kawai ake canzawa. Saukowa daga Pro zuwa Home kuwa ba shi da tsani a hukumance, sai an ɗora sabo. Muka kwashe takardunta a wani dis na waje, na sa ɗanta ya buɗe wasu daga ciki ya tabbatar suna karantuwa, muka rubuta sunayen manhajojin da take aiki da su da samfurin firintarta, sannan muka share ɓangarorin SSD ɗin muka ɗora daga filash ɗin nan dai ta bara. Wannan karon ba a tambaye mu lamba ba, jerin nau'o'in ma bai fito ba. Mai ɗorawar ya karanta lambar cikin madabod ya zaɓi Home da kansa. (Wannan ɗabi'ar takan ba mai lasisin Pro haushi, in madabod ɗinsa na ɗauke da lambar Home, maganinta ƙaramin fayil ne mai suna ei.cfg da ake sakawa a jakar sources ta filash don jerin ya fito. Mu dai a ranar alheri ta zame mana.) Da ta hau intanet ta kunnu, slmgr /dlv ya nuna OEM:DM, haruffa biyar na ƙarshe kuma suka dace da na lambar da PowerShell ya ba ni.

Kafin a ɗauke ta na buɗe wa Hajiya akawun da sunanta da lambar wayarta, ba na ɗanta ba, don shi yana shirin tafiya bautar ƙasa. Muka shiga da shi, muka jira har jimlar ta koma doguwar, na ɗauki hoton shafin da wayarta. Na kuma gaya mata cewa wannan lasisin ma na masana'anta ne, in wannan madabod ɗin ta bi ta farko, akawun ɗin dama ce ta gwaji kawai. Sannan akwai maganar da ba ta shafi lasisi kai tsaye ba amma a lokacin tana tafe: an sa ranar 14 ga Oktoban 2025 ta zama ƙarshen tallafin Windows 10, kuma ko da yake lasisinta na Home yana kunna Windows 11 Home, furosesa ƙarni na shida ba ya cikin waɗanda Windows 11 ya amince da su, yawanci daga na takwas ya fara. Ta ce wannan sai bayan kaka, in an ga abin da shago ya tara.

Kuɗin aikin ɗora Windows na biyu ban karɓa ba, na madabod da batiri kawai ta biya. Tsohuwar madabod ɗin tana nan rataye a ƙusa a bangon shagona, yarona ya manna mata takarda ya rubuta Pro a jiki.